Ƙas-ƙas ɗin Sitabilaiza

Injin wankin ya shigo gidan Tela ne a shekara ta biyu da fara ciwon matarsa. Da fari mantuwa ce irin wadda ake yi wa dariya, ta sa gishiri sau biyu, ta nemi ɗankwalin da ke kanta. Daga baya ta daina gane hanyar banɗaki, daga nan jikinta ya daina sanar da ita. Zannuwan gado shida ne a gidan, kuma akwai ranar da uku ke ɓaci kafin rana ta faɗi.

Tela ya haura saba'in. Shekara arba'in ya yi yana ɗinki kafin idonsa ya gaza, sunan kuma ya bi shi har gida, domin ita ma matar da shi take kiransa. Shi kuwa Gwana yake ce mata, tun zamanin da take yi masa kalmasa da ramin maɓalli da hannu, mutane suna yaba masa aikin da ba nasa ba.

'Yarsu ce ta sayo injin. Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti can ɗaya ƙarshen gari, uban yana tsokanarta da Likita. Ƙanenta yana wata ƙasa, sai dai waya. Ranar da aka kawo injin ta zaunar da uban a falo ta yi masa magana irin ta wurin aikinta. Ta ce ta so tun bara ta ɗauke Mama, shi ya hana, kuma ta bar masa. Amma duk Asabar za ta zo ta duba. Ranar da ta samu gyambo a bayan Mama, ko ta ji an fita da ita ba a sani ba, to magana ta ƙare. Gidanta ɗaki biyu ne a hawa na uku, ga miji ga 'ya'ya mata uku. Akwai gado ɗaya da za a iya ƙarawa a ɗakin yaran. Ba su yi zancen inda shi zai kwana ba, don dukansu sun san ba zai tare a gidan suruki ba.

Ya ce ya ji, ranki ya daɗe. Ta ce ba wasa take yi ba, Baba.

Tare ta zo da mai haɗawa, wani ɗan gajeren mutum mai furfura a gemu wanda ke gyaran na'urorin ɗakin wanki a asibitinsu. Kowa Injiniya yake ce masa. Wurin da famfo da magudana suke shi ne ɗan lungun da ke tsakanin banɗaki da ƙofar shigowa, nan aka kafa injin. Kafin ya taɓa komai sai da ya soka na'urar awonsa a soket, ya tsaya yana kallo. Lambar ta nuna ɗari da casa'in da takwas, ta koma ɗari biyu da huɗu, can wani mai walda a bayan layi ya ɗora ƙarfe, ta faɗo ɗari da saba'in.

Ya ce wannan wuta ba za ta bar injin ya shekara ba, sai an sa masa sitabilaiza, na'urar daidaita wuta. Tela ya nuna masa ƙaramin da ke ƙarƙashin talabijin, Injiniya ya yi dariya ya ce wannan ko dutsen guga ba zai ɗauka ba. Injin wanki yana da mota mai jan wuta da yawa lokacin tashi, yana kuma da abin dafa ruwa, sitabilaiza mai ƙarfin wat dubu biyar yake so. Ya fita ya dawo da wani akwatin ƙarfe mai nauyi, ya kafa masa katako a bango, sama da inda ruwa zai iya fantsama. Filogin akwatin a bango, na injin a jikin akwatin.

Ya yi wa Tela bayani yana nuna masa da yatsa. Lambar hagu a fuskar akwatin wutar da ke shigowa ce, ta dama wadda ake ba injin. In ta hagu ta yi ƙasa akwatin zai ɗaga ta, in ta yi sama ya sauke ta, ƙarar da za a riƙa ji, ƙas, shi ne yana canza mataki. In ta wuce abin da zai iya gyarawa sai ya yanke gaba ɗaya. In an ɗauke wuta aka dawo da ita kuma, ba zai saki ba nan take, fitila ruwan ɗorawa za ta kama, ya jira ya ga ta zauna tukuna. Kada a rufe shi da komai, yana son iska. Kada a ja shi da doguwar waya siririya.

"Abu ɗaya, Baba," in ji shi yana naɗe wayarsa. "Kada filogin injin nan ya taɓa bango kai tsaye. A cikin injin akwai allo, shi ne ƙwaƙwalwarsa. Motar tana da haƙuri, allon ba shi da shi."

Tela ya ce ashe gidan ya ƙara samun mai lalurar ƙwaƙwalwa. Injiniya ya rasa ko ya yi dariya, ya dubi Likita, ita kuwa tana duba takardar injin.

Wata biyu abin ya tafi daidai. Tela ya koyi aikin kamar yadda ya koyi yanka, a tsanake. Ya ɗauraye zanen a bokiti tukuna, ya zuba, ya zaɓi ruwan zafi. Abin da ya fi burge shi matsewar ƙarshe, zane ya fito kusan a bushe, awa biyu a igiya an gama. Ran Asabar Likita ta zo, ta sumbaci uwar a goshi, ta ɗaga mata riga ta duba baya da ƙugu, ta sa tafin hannu a katifa. Tela yakan tsaya a bakin ƙofa har ta miƙe ta ce to. Wannan kalmar ce albashinsa na mako.

Wata Talata da hantsi yana shanya a baya ya ji iska ta ratsa gidan. Ya shigo ya tarar da ƙofar waje a buɗe, Gwana tana tsaye a kan dakali ba takalmi, tana duban hagu da dama. Ya tambaye ta lafiya, ta ce yara ne suka dawo daga makaranta, ta ji sun taɓa sakata, ga shi ba ta ɗora komai ba. Ya ce ai da saura, bai kai lokacin tashi ba. Ya riƙo hannunta suka koma. Suna wucewa ta lungun akwatin ya yi ƙas, ta juya da sauri irin wanda ya manta tana da shi.

Sai a lokacin ya saurara da kunnenta. Ƙarar ba ta da maraba da ta sakatar tsohon gidansu, inda suka yi renon yaran, wadda ake ɗagawa da yatsa daga waje. Shi ya manta da ita shekara talatin. Ita ce ta rage mata.

Daga ranar abin ya zama kullum. Da ya kunna wanki, ƙas na farko za ta miƙe. Ya sa wa ƙofar makulli ya jefa a aljihu, sai abin ya fi muni: ta tsaya tana jijjiga mariƙin, tana cewa yaran suna waje, rana tana dukansu, wane irin uba ne shi. Wata rana ta yi kuka har numfashinta yana sarƙewa, ta ƙi cin abinci sai yamma. Wanki ɗaya awa guda da rabi ne, kuma wutar layinsu ta fi son zama daidai bakin inda akwatin ke canza mataki, ta ɗan hau ta ɗan sauka. Ya taɓa ƙirgawa, ƙas arba'in da ɗaya a wanki guda.

Ya gwada dabaru. Ya ƙure rediyo, ta ji ta cikinsa. Ya jira ta yi barcin rana, ƙarar ta tashe ta. Ya lulluɓe akwatin da tsohon bargo, bayan rabin awa ya ji warin zafi, ya yaye da sauri, ƙarfen ba ya taɓuwa. Ya kai ta ɗakin ƙurya ya zauna da ita yana ba ta maɓallai ta ware masa kala-kala, abin da ke kwantar mata da hankali, amma gidan ƙarami ne, babu inda ƙarar ba ta kai.

Lambar Injiniya tana manne a gefen akwatin. Sau biyu ya ɗauki waya ya ajiye. Abin da ya hana shi bai wuce ɗaya ba: mutumin kullum yana haɗuwa da Likita a wurin aiki. In ya ce ƙarar tana damu, za a tambayi wa take damu, daga nan a kai ga ƙofa, daga ƙofa a kai ga dakali da ƙafa ba takalmi. Ran Asabar ba ya wanki sai Likita ta tafi, don haka ba ta taɓa gani ba.

Ya fara zama gaban akwatin yana nazarin lambar hagu. Da safe, kafin masu walda su buɗe, ba ta wuce tsakanin ɗari da casa'in da biyar da ɗari biyu da biyar. Fanka tana juyawa lafiya, ƙwan fitila ba ya ko ƙiftawa, amma akwatin sai ƙas-ƙas yake kamar wanda aka biya. Ya tuna kekensa na ɗinki. Shekara ashirin da biyar motar keken tana bango kai tsaye, a wuta wadda ta fi wannan lalacewa. In ta yi ƙasa keken ya yi nauyi, ya taimaka masa da hannu, in ta dawo ya ci gaba. Bai taɓa ƙona ko waya ba. Maganar allo bai manta da ita ba, sai dai ya ajiye ta tare da irin maganganun da shi ma yakan gaya wa masu kawo ɗinki, kada a wanke da ruwan zafi, kada a shanya a rana, alhali ya san ko an yi ba abin da zai faru.

Ran wata Litinin da sassafe ya zare filogin akwatin daga bango, ya sa filogin injin a wurinsa.

Wankin ya tafi shiru, sai motsin ruwa. Gwana tana falo da farantin maɓallanta, ba ta ko ɗaga kai ba. Da aka gama ya mayar da komai yadda yake. Ya yi wa kansa doka: da safe kawai, kuma yana tsaye a wurin, in fanka ta canza murya zai zare. Kwana tara suka yi haka. Gwana ta koma cin abincinta, har wata rana ta dube shi ta ce wuyan rigarsa ya karkace, wa ya ɗinka masa. Ya ce wani tela ne can. Ta ce a daina kai masa.

A rana ta goma injin yana tsakiyar wanki aka ɗauke wuta. Daidai nan Gwana ta kira shi daga ɗaki, ya je ya tarar tana buƙatar canji. Yana cikin goge mata jiki fanka ta tashi da wani irin gudu, ƙwan falo ya yi fari fat ya mutu. Daga lungun ya ji wani ɗan sauti, bai kai ƙarar akwatin ba ma. Bai iya sakinta a tsaye ba, sai da ya sa mata riga ya zaunar da ita. Da ya isa, fuskar injin ta yi duhu, ƙofarsa a kulle da zannuwa biyu cikin ruwa, wurin yana warin ƙonanniyar roba.

Injiniya ya zo da rana. Ya zubar da ruwan ta ƙasa, ya buɗe ƙofar da wata igiya da ke ɓoye a gindin injin, ya kwance saman ya fito da allon. Kusurwa ɗaya ta yi baƙi. Ya ce wutar da aka dawo da ita da safen ta yi ɓarna a layin, gida uku aka kira shi. Sannan ya jona akwatin a bango. Fitila ruwan ɗorawa ta kama, ta jira, ta koma kore. Ya auna abin da ke fita, ya sake aunawa. Bai dubi Tela ba ya ce akwatin lafiyarsa ƙalau, kuma da ta cikinsa wutar ta bi, da bai sake ta ba.

Akwatin ya yi ƙas. Gwana ta fito daga falo da saurinta, ta wuce su ta kama mariƙin ƙofa tana kiran yara su yi haƙuri, ga ta nan. Tela ya kashe akwatin, ya je ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya yana ba ta baki. Da ya dawo Injiniya yana tsugune inda ya bar shi, allon a hannu.

"Baba, da ka gaya mini," in ji shi a hankali. "Akwai wani iri. Shi ba ya wannan ƙarar, 'yar mota ce a ciki take juyawa, sai dai ka ji zuu kaɗan. Da rana ɗaya na canza maka."

Tela ya tambaya ko ana samunsa a nan garin. Ya ce shago nawa.

Allon kuwa sai an aiko da shi daga wani wuri, mako biyu ko uku. Injiniya ya ce shi ba zai kai magana asibiti ba, ba aikinsa ba ne. Amma in Likita ta tambaye shi ba zai ce akwatin ne ya gaza ba, don shi ya zaɓo shi da hannunsa. Tela ya ce hakan daidai ne.

Ranar Laraba ce. Ya koma bokiti. Wankin bai gagare shi ba, matsewar ce. Yatsun da suka yi shekara arba'in a almakashi ba sa iya murɗa zanen gado, sai ya naɗa shi a jikin famfo ya ja da nauyinsa, duk da haka yana ɗiga ya shanya. Ran Alhamis aka tashi da ruwan sama, bai ɗauke ba sai Juma'a da yamma. Ya ɗaura igiya a falo, ya saki fanka a kansu. Mai wankin da ke bakin titi ya leƙa ledar da ya kai masa, ya ce ya yi haƙuri, ba sa karɓar irin wannan. Zuwa Juma'a zannuwa shida duk suna rataye, babu busasshe. Ya buɗe akwatin da ya ajiye ragowar yadduka tun rufe shago, ya shimfiɗa wa Gwana wani yadin kwat mai kauri, shi ne kaɗai mai faɗin gado. Yadin ba ya shan ruwa, kuma yana da kaushi.

Likita ta zo ran Asabar da ƙarfe goma. Ta sunkuya ta bi ta ƙarƙashin zannuwan da ke falo. Ta sumbaci uwar, ta ɗaga rigar. A ƙasan baya akwai wuri ja kamar faɗin tafin yaro, tsakiyarsa ya fara saɓulewa. Ta danna gefensa da yatsa ta jira, jan bai washe ba. Ta wanke wurin, ta shafa magani daga jakarta, ta juya uwar ta kwanta a gefe, ta sa mata matashi. Sannan ta fito lungun, inda injin yake tsaye da samansa a buɗe.

Ta ce allo ya ƙone ta gani, to ina amfanin akwatin da aka saya? Ta ciro waya za ta kira Injiniya, ranta a ɓace. Tela ya ce ta bar bawan Allah, ba laifinsa. Ya gaya mata duka a tsaye, bai rage ba: sakatar tsohon gida, dakali, makullin da ke aljihunsa, bargo, kwana tara. Ta saurara tana kallon bango. Da ya zo kan yaran da rana ke duka a waje, ta sa bayan hannu ta toshe bakinta.

"Sau nawa ta fita?"

"Sau ɗaya. Iyakarta dakali."

"Da na sani, Baba, akwati kawai za a canza. Wallahi da ban ɗauke ta a kan dakali ba."

"Kin ce magana ta ƙare."

"Na ce." Ta mayar da wayar jaka. "Yanzu kuma ba ni na ce ba. Wurin nan sai an juya ta duk bayan awa biyu, a kan busasshen zane. In ya buɗe, wata uku ba ya rufewa."

Ya ce allon zai iso nan da mako biyu. Ta ce to, in ya iso a gani. Daga yadda ta faɗa ya gane ɗauke Gwana za ta yi ba dawowa, kuma bai ja ba.

Shi ya haɗa kayan. Ya san rigunan da ba sa matse ta, ya san kofin da take yarda ta sha ruwa da shi. Ya juye maɓallan a gwangwani ya rubuta wa jikokin a takarda cewa a ba ta bayan ta karya, kuma a lura kada ta kai baki. Surukin ya zo da mota da azahar, ya gaishe shi har ƙasa, ya ce gida gidansa ne, ko yaushe. Gwana ta shiga motar ba gardama, ta ɗauka asibiti za a je. Ta leƙo ta taga ta ce wa Tela kada ya tsaya hira a shago.

Tsakanin gidan da na Likita mota biyu ce, sai hawa uku na bene. Yana zuwa Talata da Juma'a, ya huta sau biyu a matakala. Gyambon ya tsaya bai buɗe ba. Wasu ranakun tana gane shi.

Allon ya iso bayan kwana goma sha tara. Injiniya ya zo da shi, ya kuma zo da ɗaya irin akwatin a bayan babur, ya ce Likita ce ta ce a kawo. Ya sauke tsohon, ya kafa sabon, ya ɗaura allon ya rufe injin. Da ya kunna, lambar hagu ta yi ta hawa da sauka yadda ta saba, akwatin yana bin ta da ɗan zuu wanda sai an kasa kunne.

Ya ce a kawo wanki a gwada. Tela ya shiga ɗaki ya jima, ya fito da riga biyu da tawul. Injiniya ya karɓa ya auna su a hannu, ya ce ba komai, sun isa a ga ko yana juyawa.